Yadda Ake Ƙulla Sarƙar Tunatarwa, Kammala Aiki Ɗaya Ya Kira Na Gaba

Akwai ayyukan da ba a iya yanka musu lokaci tun da wuri, domin lokacin kowannensu yana rataye ne da lokacin da aka gama wanda ya gabace shi. Wanda zai yi wa ɗaki fenti yana iya saka wa wayarsa tunatarwa cewa zai yi shafi na biyu da ƙarfe huɗu na yamma, amma idan shafi na farko bai kammala ba sai ƙarfe biyu, tunatarwar za ta buga alhali bango bai bushe ba. Zai kashe ta da niyyar tunawa daga baya, kuma daga nan ne lissafi yake kwancewa. Abin da ake bukata shi ne tunatarwar da ba ta wanzu ba sam sai bayan an gama aikin da ke gabanta, sannan ta fara ƙirga lokacin jira daga wannan lokacin.

Zan yi bayanin da manhajoji biyu: Todoist, inda ayyukan suke zaune kuma daga inda sanarwa take fitowa, da Zapier, wanda yake tsaye a tsakani yana lura da abin da aka kammala yana ƙirƙiro na gaba. A Zapier kowane tsari da aka gina sunansa `Zap`, kuma yana farawa da `Trigger`, wato kunamar da take tayar da shi kamar kunamar bindiga, sai matakan da suke biye, waɗanda ake kira `Action`. Domin kada kalmomi su cakuɗe, a wannan bayani aiki shi ne abin da yake cikin Todoist, mataki kuwa shi ne abin da yake cikin `Zap`. Ya kamata a sani tun yanzu cewa tsarin kyauta na Zapier yana ba da damar matakai biyu ne kacal, kunama ɗaya da mataki ɗaya, abin da za mu gina kuma yana da matakai shida, saboda haka yana bukatar tsarin biya.

A fara da takarda

Kafin a buɗe kowace manhaja, sai a rubuta sarƙar a takarda, kuma a kan kowane aiki a amsa tambayoyi biyu: mene ne yake biye masa, kuma tsawon wane lokaci za a jira tsakaninsu. A misalinmu na fentin ɗaki ayyukan shida ne. Ana cike tsagogin bango, a bar su su bushe awa 24. Ana goge bangon da samfefa a share ƙura, sannan kusan nan take a manna tef a gefuna a shafa fentin ƙasa, wato wanda ake fara shafa wa bango kafin ainihin fenti. Bayan awa 4 a yi shafi na farko, bayan wasu awa 4 a yi na biyu, bayan rabin awa kuma a cire tef. Waɗannan lokutan na misali ne. Ainihin lokacin bushewa yana rubuce a jikin gwangwanin da mutum ya saya, shi za a bi.

Abu na biyu da za a yi a takardar shi ne ba kowane aiki gajeriyar lamba a farkon sunansa: `F1`, `F2`, har zuwa `F6`. A nan ne mafi yawan sarƙoƙi suke tsinkewa, don haka zan ɗan tsaya a kai. Zapier bai san ma'anar aiki ba, rubutu kawai yake kwatantawa. Idan aka ce masa ya jira aikin da sunansa "Goge bango da samfefa", sannan wata rana mutum ya gyara sunan a wayarsa ya ƙara "da safe" a ƙarshe, to a wurin Zapier wannan wani aiki ne dabam da bai taɓa jin labarinsa ba, kuma zai yi shiru ba tare da ya nuna wani kuskure ba. Amma idan lambar ce take riƙe da sarƙar, ana iya gyara sauran sunan yadda ake so, a ɗaga ranar aikin ko a sauya muhimmancinsa, muddin ba a taɓa lambar da tazarar da ke bayanta ba.

Shirya Todoist

A buɗe sabon `Project` wanda ba za a zuba komai a ciki ba sai ayyukan sarƙa, a raɗa masa suna kamar `Sarƙa`. Amfanin keɓe shi shi ne kunamar za ta riƙa lura da wannan wuri kaɗai, ba duk abin da mutum ya kammala a yini ba.

Sannan a shiga `Settings`, a buɗe `Reminders`, a duba `Automatic reminders`. Todoist yana saka tunatarwa da kansa ne ga aikin da yake da rana da kuma lokaci; aikin da yake da rana kawai zai bayyana a jerin ayyukan ranar, amma waya ba za ta yi ƙara dominsa a wani takamaiman lokaci ba. A wannan wuri a zaɓi tunatarwa ta zo daidai lokacin aikin, ba mintuna kafinsa ba. Dalilin a fili yake idan aka dubi gaɓa ta biyu ta sarƙarmu: aikin da aka ƙirƙira yanzu wanda lokacinsa minti 10 ne masu zuwa, idan an tsara tunatarwa ta zo minti 30 kafin lokaci, to lokacin tunatarwar ya riga ya wuce tun kafin a haifi aikin. A kuma tabbatar cewa wayar ta ba Todoist izinin nuna sanarwa, kuma tsarin tanadin batir bai hana shi aiki a bayan fage ba.

Daga ƙarshe a ƙirƙiri aikin gwaji a cikin `Sarƙa` mai suna `F1 Cike tsagogin bango`, a danna da'irarsa a kammala shi. Zapier zai bukaci wani kammalallen aiki da zai ɗauko a matsayin samfuri, kuma idan babu ko ɗaya, ba za a ga filayen da za a haɗa a matakan gaba ba.

Mataki na ɗaya da na biyu: kama aikin, a ciro lambarsa

A Zapier a ƙirƙiri sabon `Zap`. A matakin farko a zaɓi Todoist, a zaɓi `New Completed Task`, a haɗa asusun Todoist, sannan a filin `Project` a zaɓi `Sarƙa`. A kula sosai da wannan zaɓi, domin kusa da shi akwai `New Incomplete Task`, wanda yake tashi idan an ƙirƙiri sabon aiki. Na taɓa zaɓarsa bisa gaggawa, kuma abin da ya biyo baya ya isa darasi: na rubuta aikin farko, Zapier ya gan shi sabo ya ƙirƙiri na biyu, ya dawo ya ga na biyun sabo ya ƙirƙiri na uku, kafin in ankara duk ayyukan sun zubo a jere ba tare da na kammala ko ɗaya ba. Da a ce ƙarshen waccan sarƙar yana komawa farkonta, da abin bai tsaya ba sai na kashe shi da hannu. Bayan zaɓin sai a danna gwaji, a ɗauko samfurin `F1`.

Mataki na biyu shi ne `Formatter by Zapier`. A zaɓi `Text`, a filin `Transform` a zaɓi `Split Text`. A filin `Input` a saka sunan aikin da ya fito daga matakin farko, wanda bayanan Todoist suke kira `Content`. Sauran filayen biyu a cike su haka:

```
Separator:      [:space:]
Segment Index:  First
```

Ma'anar wannan ita ce a yanyanka sunan a duk inda aka sami tazara, a riƙe yanki na farko. Idan aka gwada, abin da ya kamata ya fito shi ne `F1` shi kaɗai. Idan cikakken sunan ya fito, ko lambar ta fito manne da kalmar da ke bayanta, to babu tazara tsakaninsu a sunan aikin, ko kuma an yi kuskuren rubuta `[:space:]`.

Mataki na uku da na huɗu: teburin sarƙa da ƙofar tsayawa

Hanyar da mutane suka fi fara bi ita ce su gina `Zap` guda ga kowace gaɓa: ɗaya mai cewa idan an gama na farko a kawo na biyu, wani mai cewa idan an gama na biyu a kawo na uku. Hakan yana aiki, amma sarƙa mai ayyuka shida za ta ci `Zap` biyar, kuma ranar da aka so cusa sabon aiki a tsakiya sai an bi ɗaya daga cikinsu an gyara, an kuma gina na shida. A ganina ya fi sauƙi ƙwarai a ajiye dukkan sarƙar a teburi guda, inda ido zai gan ta gaba ɗaya.

A ƙara wani `Formatter by Zapier`, wannan karon a zaɓi `Utilities`, sannan `Lookup Table`. A filin `Lookup Key` a saka abin da mataki na biyu ya fitar. Teburin yana da gefe biyu: a hagu lambar aikin da aka gama, a dama cikakken sunan wanda zai biyo shi.

```
F1   F2 Goge bango da samfefa, share ƙura
F2   F3 Manna tef, shafa fentin ƙasa
F3   F4 Shafi na farko
F4   F5 Shafi na biyu
F5   F6 Cire tef, buɗe tagogi
```

Za a lura cewa `F6` ba ya gefen hagu, kuma da gangan ne, domin babu abin da yake biye masa. A ƙasan teburin akwai filin `Fallback Value`, wato abin da za a fitar idan ba a sami lambar a teburin ba. A rubuta `TSAYA` a ciki. A kuma rubuta lambobin daidai da yadda suke a sunayen ayyukan, babban harafi a matsayin babban harafi, ba tare da wata tazara ta maƙale a ƙarshensu ba, domin irin wannan tazarar ido ba ya ganinta amma tana hana dacewa.

Mataki na huɗu shi ne `Filter by Zapier`, ƙofar da take barin gudu, wato tafiyar da `Zap` yake yi duk lokacin da kunama ta tashi, ya wuce ko ta tsayar da shi. A sharaɗin `Only continue if` a zaɓi abin da mataki na uku ya fitar, a zaɓi `(Text) Does not exactly match`, a rubuta `TSAYA`. Wannan ƙofa tana yin aiki biyu a lokaci ɗaya. Ita ce take rufe sarƙar bayan an kammala `F6`, ita ce kuma take tare duk wani baƙon aiki da ya faɗo cikin `Sarƙa` ba shi da lamba. Idan aka manta da ita, duk lokacin da aka gama aikin ƙarshe za a tarar da sabon aiki mai suna `TSAYA` zaune a jerin ayyuka, wanda kuma idan aka kammala shi zai haifo wani irinsa.

Mataki na biyar da na shida: lokacin jira da sabon aiki

Yanzu a ƙara `Lookup Table` na biyu, shi ma `Lookup Key` ɗinsa abin da mataki na biyu ya fitar ne, ba na uku ba. Wannan teburin yana ɗauke da lokacin jira, kuma dole a rubuta shi da Turanci kamar yadda yake a nan, domin Todoist ba ya gane kwanan wata da aka rubuta da Hausa.

```
F1   in 24 hours
F2   in 10 min
F3   in 4 hours
F4   in 4 hours
F5   in 30 min
```

Yadda ake karanta shi: layin `F3` yana nufin idan an gama `F3`, aikin da zai biyo baya lokacinsa awa 4 ne masu zuwa. Mutane sukan ruɗe su ɗauka lokacin na aikin da ke hagu ne, sai duk jiran ya goce da gaɓa ɗaya, shafi na farko ya zo bayan minti 10 a kan fentin ƙasa da bai bushe ba.

Mataki na ƙarshe shi ne Todoist da `Create Task`. A filin `Project` a zaɓi `Sarƙa`, domin idan sabon aikin ya faɗa wani wuri, kunamar ba za ta ga kammalarsa ba, sarƙar kuma ta ƙare a gaɓa ta biyu. A filin `Title` a saka abin da mataki na uku ya fitar. A filin `Due Date (Human Formatted)` a saka abin da mataki na biyar ya fitar. Akwai wani fili makamancinsa mai neman kwanan wata a tsararren lissafi na lambobi, shi a bar shi fanko. Gwajin wannan mataki ba na wasa ba ne, da gaske yake ƙirƙirar aiki a Todoist, saboda haka a je a duba ko `F2` ya bayyana da rana da lokaci a ƙarƙashinsa, sannan a goge shi. Bayan haka a danna `Publish` a kunna. Kunnannen `Zap` ba ya waiwayar abin da aka kammala kafin a kunna shi, don haka aikin gwajin ɗazu ba zai tayar da komai ba. Sai an rubuta sabon `F1` da hannu, shi ne kan sarƙar.

Mai tambaya zai iya cewa me ya sa ba a yi amfani da `Delay by Zapier` ba, tunda shi ma yana iya riƙe gudu na awa 4 kafin ya ƙirƙiri aikin gaba. Yana iyawa, amma na fi son a ɗora jiran a kan lokacin aikin, saboda dalilai biyu. Na farko, a duk tsawon jiran da `Delay` yake yi babu abin da mutum zai gani a Todoist, ba zai san ko sarƙar tana raye ba ko ta mutu, alhali idan an ƙirƙiri aikin nan take yana nan a gabansa da lokacinsa, yana iya ɗaga shi ko matso da shi. Na biyu, gudun da yake jira a cikin Zapier yana bukatar `Zap` ɗin ya kasance a kunne lokacin da jiran ya ƙare, don haka wanda ya kashe shi domin wani ɗan gyara ya manta bai kunna ba ya yi asarar wannan tunatarwar. Aikin da ya riga ya shiga Todoist kuwa ba ruwansa da abin da ya sami Zapier daga baya.

Yadda abin yake gudana a zahiri

A ɗauka an gama cike tsagogi ranar Juma'a da ƙarfe 9:40 na safe, aka danna da'irar `F1`. Sabon aikin ba lallai ne ya bayyana a wannan daƙiƙar ba. Kunamu a Zapier iri biyu ne: akwai masu alamar `Instant`, waɗanda manhajar take sanar da su nan take, akwai kuma waɗanda Zapier ne yake leƙawa lokaci-lokaci ya duba ko akwai sabon abu, tsakanin minti 1 zuwa minti 15 gwargwadon tsarin da mutum yake kai. A ce a nan ya leƙa da 9:42. Zai ciro `F1`, ya samo sunan `F2` a teburin farko, ya wuce ƙofa, ya samo `in 24 hours`, ya ƙirƙiri aikin da lokacinsa 9:42 na safiyar Asabar. Abin lura shi ne ƙirgar tana farawa daga lokacin da aka ƙirƙiri aikin, ba daga lokacin da aka danna da'ira ba. Wannan bambanci ba kome ba ne a jiran awa 24, amma ga sarƙar da jiranta minti biyu ko uku ne ya isa ya ɓata lissafi, kuma irin wannan sarƙar agogon ƙirga mintuna ya fi dacewa da ita.

Ranar Asabar waya ta yi ƙara da 9:42, aka goge bango aka gama 10:50, `F3` ya zo wajen ƙarfe 11. Fentin ƙasa ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata, ba a gama ba sai 12:30, don haka `F4` ya faɗa jim kaɗan bayan 4:30 na yamma. Wani uzuri ya taso, ba a fara shafi na farko ba sai bayan ƙarfe bakwai, aka gama 9:00 na dare. A nan ne sarƙar ta yi abin da aka ce ta yi amma ba abin da ake so ba: ta ajiye `F5` da ƙarfe ɗaya na dare.

Maganin wannan iri biyu ne. Mai sauƙi shi ne a buɗe aikin a mayar da lokacinsa safiyar Lahadi da hannu, wanda ba zai cutar da sarƙar ba tunda lambar tana nan. Idan kuwa an san cewa wata gaɓa kullum kwana take yi, sai a sauya layinta a teburi na biyu zuwa `tomorrow at 8am`. Shi ma yana da tarkonsa: wanda ya kammala aikin da 12:10 na dare ya riga ya shiga sabuwar rana, don haka "gobe" a wurin Todoist ta zama jibin da bai yi nufi ba. A kuma duba cewa yankin lokacin da ke cikin `Settings` na Todoist shi ne na inda mutum yake, musamman bayan tafiya.

Idan aikin gaba bai zo ba

Wurin dubawa na farko shi ne `Zap history`, inda kowane gudu yake da layinsa da matsayinsa, kuma idan aka buɗe shi ana ganin `Data in` da `Data out` na kowane mataki. Idan babu wani layi sam, to kunamar ba ta tashi ba: ko dai `Zap` ɗin a kashe yake, ko aikin yana wani `Project` dabam, ko lokacin leƙawa bai yi ba, ko kuma an goge aikin ne maimakon a kammala shi, domin gogewa ba kammalawa ba ce. Idan layin yana nan da matsayin `Filtered` alhali ba a kai ƙarshen sarƙa ba, a buɗe mataki na biyu a ga abin da ya fitar. Kusan kullum za a tarar an rubuta `f3` da ƙaramin harafi, ko `F3:` da ɗigo biyu, ko an sa wata kalma gaban lambar. Idan matsayin kuskure ne a mataki na shida, a fara zargin haɗin asusun Todoist, wanda yake iya tsinkewa ya bukaci a sake haɗawa, ko kuma rubutun lokacin da Todoist ya kasa fahimta. Idan kuwa komai ya yi nasara, aikin yana nan amma waya ba ta yi ƙara ba, laifin ba na Zapier ba ne, a koma kan `Automatic reminders` da izinin sanarwa.

Akwai kuma kuskuren yatsa. Mutum ya danna da'irar `F4` bisa kuskure, ya dawo da shi, amma kafin nan Zapier ya riga ya haifi `F5`. Sai a goge wannan `F5` ɗin. Matsalar tana zuwa ne daga baya, domin kunama mai leƙawa tana riƙe da shaidar abubuwan da ta taɓa gani don kada ta maimaita su, saboda haka idan aka sake kammala wannan `F4` ɗin da gaske, mai yiwuwa ta ɗauke shi tsohon labari. Hanyar da ba ta da shakka ita ce a goge tsohon `F4`, a rubuta sabo da hannu da lambarsa, domin sabon aiki sabuwar shaida gare shi. Wannan dabara ta rubuta aiki da hannu ita ce kuma hanyar shiga sarƙar daga tsakiya: wanda bangonsa ba shi da tsaga yana iya farawa da `F3` kai tsaye.

Rauni mafi girma ba a cikin manhaja yake ba. Sarƙar gaba ɗayanta tana jiran danna da'ira ne, don haka wanda ya gama shafi na farko ya wanke hannu ya tafi bai danna ba, babu abin da zai zo masa, kuma babu wani kuskure da zai bayyana a ko'ina. Idan ya tuna bayan awa uku ya danna, ƙirgar awa 4 za ta fara ne daga nan, ya jira awa bakwai maimakon huɗu sai dai idan ya gyara lokacin da hannu. Abin da nake yi shi ne in ajiye wata tunatarwa guda mai maimaituwa kowace yamma a wajen `Sarƙa`, wadda take cewa in leƙa in ga ko akwai aikin da na gama ban danna ba. Ga abin da jinkirinsa yake da haɗari, kamar shan magani, bai dace a dogara da irin wannan sarƙa ita kaɗai ba, domin shirunta da lafiyarta kamanninsu ɗaya.

Iyakokin wannan gini

Ana iya zuba sarƙoƙi da yawa a teburan nan biyu, kowace da harafinta, misali `R1` zuwa `R4` ga rahoton wata, duk a ƙarƙashin `Zap` guda. Abin da ba zai yiwu ba kai tsaye shi ne gudanar da sarƙa ɗaya sau biyu a lokaci guda: idan ana fentin ɗakuna biyu da lambobin `F`, za a sami `F4` biyu masu suna iri ɗaya, ba a san na wane ɗaki ba ne. A ba ɗaki na biyu nasa harafin da nasa layukan.

Teburin kuma bai san jiran abu biyu ba. Idan shafi na farko yana bukatar a gama manna tef a kuma gama rufe kayan ɗaki, kada a ba kowannensu lamba mai kai wa ga `F4`, domin za a sami `F4` sau biyu, na farkon kuma tun kafin a shirya. A mayar da su ƙananan ayyuka marasa lamba a ƙarƙashin babban aiki guda mai lamba, a danna babban bayan an gama su.

Saura batun sarƙar da ake so ta riƙa zagayowa. Kada a mayar da aikin farko mai maimaituwa a Todoist da nufin ya riƙa tayar da sarƙar, domin aiki mai maimaituwa idan aka danna shi ba ya rufewa kamar sauran, ranarsa ce kawai take matsawa gaba, kuma ginin da muka yi ya dogara ne da aikin da ya rufe. Maimakon haka a ƙara layi a teburin farko wanda yake mayar da lambar ƙarshe zuwa ta farko, misali `R4` ya kai ga `R1`, a teburi na biyu kuma a ba shi `in 4 weeks at 9am` ko makamancinsa, a gwada rubutun a Todoist da hannu a ga ya gane shi kafin a saka. Wannan zagaye ba ya gudu da kansa tunda kowace gaɓa tana jiran hannun mutum, kuma ranar da aka so tsayar da shi sai a cire layin `R4` daga teburin farko, ƙofar `TSAYA` ta rufe shi a zagaye na gaba.